Totur da Birki a Cikin Jiki: Yadda Ƙwayar Jiki Ke Rikiɗa Ta Zama Ciwon Daji

Idan wuƙa ta yanki mutum a yatsa, cikin 'yan kwanaki sai wurin ya haɗe. Ƙwayoyin fatar da ke bakin raunin ne suke rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su cike gurbin. Kowa ya saba ganin wannan. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tsayawar da suke yi. Da zarar raunin ya rufe sai su daina, ba su ci gaba da tara nama har yatsa ya zama dunƙule ba. Ke nan akwai abin da ke ce wa ƙwaya ta fara, akwai kuma abin da ke ce mata ya isa haka. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana tasowa ne idan waɗannan umarni biyu suka lalace a cikin ƙwaya guda, ita kuma ta gadar wa 'ya'yanta da jikokinta lalacewar.

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30. A tsakiyar da yawa daga cikinsu akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da rubutu da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Rubutun ya kai haruffa biliyan 3, kuma a cikinsa akwai sassa kusan 20,000 da ake kira ƙwayoyin gado. Kowanne sashe umarni ne na yadda za a ƙera wani furotin, furotin ɗin kuwa su ne ma'aikatan da ke gudanar da harkokin ƙwaya. Kusan kowane umarni muna da shi kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A riƙe wannan batu na kwafi biyu, domin za a ga amfaninsa nan gaba.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafe rubutun nan kaf. Aikin yana da tsafta matuƙa, har da masu bin sawu suna gyara, amma duk da haka wani harafi kan kuɓuce nan da can. Hayaƙin taba, hasken rana mai tsanani da wasu gubobi kuma suna ƙara yawan kurakuran. Mafi yawansu ba sa yin komai, domin suna faɗawa ne inda babu ruwan kowa. Matsala tana zuwa idan kuskure ya sauka a kan ɗaya daga cikin umarni 'yan ɗaruruwa da ke kula da rabuwar ƙwaya. Waɗannan iri biyu ne, kuma misalin mota ya fi komai fito da su: akwai totur, akwai birki.

Totur ɗin da ya maƙale

A 1911, wani likita a birnin New York mai suna Peyton Rous ya niƙa ƙarin da ya ciro daga jikin wata kaza, ya tace ruwan ta yadda babu ƙwayar jiki ko ɗaya da za ta wuce, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa. Sai ga su da irin wannan ƙari. Bairos ne a cikin ruwan. An daɗe ba a ɗauki aikinsa da muhimmanci ba, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel. Daga baya aka gano cewa umarni guda ne a cikin bairos ɗin yake haddasa ciwon, aka riƙa kiran irinsa da suna onkojin, wato umarnin gado mai haifar da ƙari.

Abin mamakin ya zo ne a 1976. Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu a San Francisco suka tarar cewa wannan umarni ba na bairos ba ne tun asali. Yana nan a jikin lafiyayyar kaza, yana kuma jikin ɗan Adam, yana aikinsa na halal. Bairos ɗin ya sato shi ne, ya lalata shi. Ke nan abin da ke jawo ciwon daji namu ne, a jikinmu yake, kuma ba za mu rayu ba sai da shi, domin shi ke sa jariri ya girma, rauni ya warke.

Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan shi ne RAS. Furotin ɗin RAS yana zaune ne a cikin ƙwaya, manne da bangonta. Idan saƙo ya zo daga waje cewa ana buƙatar sababbin ƙwayoyi, sai ya kama wani ɗan sinadari mai suna GTP, ya kunnu, ya miƙa saƙon zuwa ciki. Jim kaɗan sai ya sare GTP ɗin ya mayar da shi GDP, ya kashe kansa da kansa. A 1982 masu bincike, ciki har da ayarin Robert Weinberg, suka kwatanta RAS na lafiyayyen mutum da wanda aka samu a ciwon dajin mafitsara. Bambancin harafi ɗaya ne tak. Ana karanta rubutun gado ne haruffa uku-uku, kowane ukun yana nuna tubali guda na furotin. A gurbi na 12, inda ya kamata a ga GGC, sai aka ga GTC. Wannan ya sa aka saka wani tubali daban a daidai wurin da furotin ɗin ke sare GTP. Yana iya kunnuwa, amma kashe kansa ya gagara. Sai ya zauna yana ta aika saƙon a rabu, a rabu, alhali babu wanda ya aiko shi.

Harafi ɗaya cikin biliyan 3. Ana samun lalataccen RAS a kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan ciwon dajin ɗan Adam, a na babban hanji kuwa ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Kuma a nan kwafi ɗaya ya wadatar. Ko da ɗaya kwafin lafiya lau yake, muddin guda ya maƙale a kunne, saƙon zai ci gaba da tafiya.

Ba sauyin harafi ne kaɗai ke maƙale totur ba. Wani lokacin umarnin lafiyarsa ƙalau, wurin zama ne ya sauya masa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne ƙarin muƙamuƙi na yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wanda kuma ake gani a duk yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya. Zaren DNA a naɗe yake cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. A wannan ciwo, wani yanki na kuromosom na 8 yana ɓallewa ya manne a na 14. Yankin yana ɗauke da wani umarnin girma mai suna MYC, sai ya sauka kusa da umarnin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke amfani da shi ba dare ba rana. Daga nan MYC ba ya samun hutu. Shi ya sa wannan ƙari yake cikin mafi saurin girma da aka sani, fuskar yaro ta kumbura cikin 'yan makonni. Saurin nan kuma shi ne lagonsa, domin magungunan asibiti masu kashe ƙwayoyi masu rabuwa suna cin sa sosai idan an kawo yaro da wuri.

Birki mai ƙafa biyu

Da totur ne kaɗai, da ciwon daji ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke kare mu shi ne rukuni na biyu, umarnin da ke danne ƙari. Labarin gano su ya faro ne daga wani ciwon dajin ido da ke kama ƙananan yara, galibi kafin su kai shekara biyar, a tantanin da ke can bayan ido mai karɓar haske. Likitoci suna kiran sa retinobilastoma.

A 1971 Alfred Knudson ya zauna da bayanan yara 48 masu wannan ciwo a wani asibiti a Houston. Ba shi da na'urar karanta DNA, lissafi kawai ya yi. Ya lura yaran sun kasu biyu. Wasu ciwon yana kama su tun suna jarirai, a ido biyu, ƙari fiye da ɗaya, wani lokacin ma akwai mai shi a dangi. Wasu kuma yana zuwa musu ne a makare, a ido ɗaya, ƙari guda. Ya ce abin da zai bayyana wannan shi ne idan ciwon yana buƙatar bugu biyu. Yaron da aka haifa da kwafi biyu lafiyayyu, sai an yi rashin sa'a kuskure ya sami kwafi na farko, sannan wani kuskuren ya sake samun na biyu a cikin ƙwaya guda ɗin nan, abin da ba ya faruwa sai nadiran. Wanda kuwa aka haifa da kwafi ɗaya a lalace, kowace ƙwaya a jikinsa ta riga ta sha bugun farko. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke rabuwa a idon jariri, da wuya a rasa wadda za ta sha na biyu. A 1986 aka gano umarnin a kuromosom na 13, aka sa masa suna RB1, lissafin Knudson ya tabbata.

Aikin furotin ɗin RB shi ne tsare ƙofar da ƙwaya ke bi kafin ta fara kwafe DNA ɗinta. Yana riƙe ma'aikatan da ke buɗe ƙofar, ba ya sakin su sai sahihin saƙo ya iso. Kwafi ɗaya ya isa ya samar da mai tsaron. Sai an rasa duka biyun ƙofa take zama a wangale.

Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin rukunonin biyu, kuma shi ke amsa tambayar da ake yawan yi, ko ana gadon ciwon daji. Abin da ake gada bugun farko ne. Uban da ke ɗauke da lalataccen RB1, kowane ɗa da ya haifa yana da rabi da rabin yiwuwar ɗaukarsa, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka ɗauka za su kamu. Amma idan aka haɗa dukkan ire-iren ciwon daji, waɗanda ke da irin wannan tushe na gado ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Sauran duk a cikin rayuwa ake tara kurakuran, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga masu shekaru.

Iyaye su san alamar wannan ciwo na ido, don ganin ta ba ya buƙatar na'ura. Tsakiyar baƙin idon yaro kan yi wani farin ƙyalli idan haske ya doke shi da dare ko a hoton da aka ɗauka da filasha, wani lokacin kuma ido ya karkace. A ƙasashen da ake kai yaro da wuri, sama da kashi 95 cikin 100 suna rayuwa. A wajenmu sau da yawa sai ido ya kumburo ya fito ake zuwa asibiti, bayan an sha ɗiga magunguna iri-iri a gida, lokacin ciwon ya riga ya bi jijiyar ido ya nufi ƙwaƙwalwa. Wannan asara ce da ke ci mini rai, domin ciwo ne da ake warkewa daga gare shi.

Abin da ke faruwa a hanta

Akwai birkin da ya fi RB1 yawan lalacewa, shi ne TP53, mai ƙera furotin p53. Aikinsa ya bambanta. Idan DNA ya sami rauni, p53 yana taruwa a cikin ƙwaya ya tsayar da rabuwa har a gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya umarci ƙwayar ta kashe kanta, jiki ya share gawar. Haka kuma yake yi idan ya ji totur ya maƙale. Saboda haka ƙwayar da RAS ɗinta ya lalace amma p53 ɗinta na aiki, galibi ba ta kai labari. Kusan rabin ciwon dajin ɗan Adam ana samun TP53 a lalace a cikinsu.

Mu bi yadda abin ke faruwa a ciwon dajin hanta, wanda ke ɗauke mana maza a Afirka ta Yamma tun suna 'yan shekara talatin zuwa arba'in da wani abu, suna tsakiyar ƙarfinsu.

Matakin farko yakan faru ne tun mutum bai san kansa ba. Jariri ya ɗauki bairos ɗin ciwon hanta nau'in B daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, ko yaro ya ɗauka daga wani yaron, ko ta aska da reza da ba a tsabtace ba. Baligi idan ya kamu, jikinsa yakan kori cutar. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma cutar tana zama a jikinsu har abada. Shekara da shekaru garkuwar jiki tana yaƙar ƙwayoyin hantar da suka kamu, suna mutuwa, wasu suna rabuwa don cike gurbi. Hantar da ya kamata ta zauna shiru sai ta koma kullum cikin kwafe DNA, kowane kwafi kuma dama ce ta kuskure. Bairos ɗin ma yakan cusa nasa rubutun cikin na ƙwayar, wani lokacin kusa da umarnin da ke ba ƙwaya damar rabuwa ba iyaka. Duk wannan yana gudana mutum yana noma, yana kasuwa, ba ya jin komai.

Mataki na biyu daga rumbu yake fitowa. Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya wahalar da shuka, ko ƙwari suka huda ta, ko aka adana amfanin gona bai gama bushewa ba. Tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Brazil. Dafuwa da suya ba sa kawar da ita. Idan ta shiga jiki hanta ce ke karɓar ta, kuma a ƙoƙarin sarrafa ta sai ta mayar da wani kaso nata wani sinadari mai manne wa harafin G a jikin DNA. Idan ƙwayar ta zo kwafi kafin a gyara, sai a rubuta T a gurbin G.

A 1991 ayari biyu na masu bincike, ɗaya yana duba marasa lafiya daga Qidong a ƙasar Sin, ɗaya daga kudancin Afirka, suka karanta TP53 a ƙarin hanta. A kusan rabin waɗanda aka duba an sami sauyin G zuwa T, mafi yawa a wuri guda: gurbi na 249, inda AGG ya koma AGT. Wannan gurbi yana cikin ɓangaren da p53 ke amfani da shi ya kama DNA. Tubali ɗaya ya sauya, furotin ɗin ya kasa riƙo. A Turai da Amurka, inda ake sa ido sosai kan gubar a abinci, da wuya a ga wannan sauyi a ciwon hanta. A Gambiya kuwa an same shi da yawa, har a cikin jinin marasa lafiya. Gubar ta bar sa hannunta a cikin rubutun, ana iya karantawa.

To sai a haɗa biyun. Hanta tana ta rabuwa saboda bairos, guba tana ta sauya haruffa, wata rana kuskuren ya sauka a gurbi na 249 a wata ƙwaya. Ƙwayar nan ba ta zama ciwon daji nan take ba. Abin da ta samu shi ne ta fi maƙwabtanta jure ɓarna, inda su za su mutu ita sai ta rayu ta hayayyafa. A cikin zuriyarta wata ta rasa ɗaya kwafin na TP53, wata daga baya ta sami totur maƙalalle, kowane mataki yana ba masu shi rinjaye a kan saura. Manyan sauye-sauyen da ake buƙata ba su da yawa, galibi ba su kai goma ba, amma tara su yana cin shekaru ashirin, talatin ko fiye. Wani bincike da aka yi a kan maza a Shanghai ya nuna girman haɗarin: gubar ita kaɗai ta ninka yiwuwar kamuwa kusan sau 3, bairos shi kaɗai kusan sau 7, su biyun tare kuwa kusan sau 60.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba yadda muke ɗaukar ciwon a matsayin abin da ya faɗo rana ɗaya, har a shiga zargin jifa ko sammu, a ɓata zumunci. Ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, mutum ya rame, ƙarshen wata doguwar tafiya ce da ta faro tun yana goye. Kuma a faɗi gaskiya, ba duk mai bairos ɗin ne zai kamu ba, mafi yawansu ma ba za su kamu ba, haka nan akwai wanda ya kiyaye komai kuma kuskuren kwafi ya same shi. Wanda ya kamu bai yi laifin komai ba.

Inda magani ya kai, da inda bai kai ba

Sanin waɗannan rukunoni biyu ya sauya yadda ake haɗa magani, amma ba daidai wa daida ba. Totur maƙalalle furotin ne mai aiki fiye da kima, ana iya ƙera maganin da zai toshe shi. Haka aka yi da wani nau'in sankarar jini da ke tasowa idan kuromosom na 9 da na 22 suka yi musayar yanki. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001, yana toshe furotin ɗin da musayar ta haifar, kuma mutane da yawa da a da ba su wuce 'yan shekaru, yanzu suna rayuwa mai tsawo suna shan ƙwaya kullum. Ko a nan ɗin, ciwon yakan sake wani sauyin harafi ya kauce wa maganin, sai an koma wani. Birkin da ya ɓace kuwa babu abin toshewa, mayar da shi ake buƙata a cikin kowace ƙwayar ƙari, kuma har yau babu maganin da ya yaɗu a asibitocin duniya da ke gyara p53.

Tunda gyaran birki ya yi wuya, kare shi ne abin yi, kuma nan ne muke da ƙarfi. Bairos ɗin HPV, mai jawo kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, yana ƙera furotin biyu: E6 yana sa a rushe p53, E7 yana ɗaure RB. Birkin nan biyu da muka yi bayani, a tare yake kashe su ba tare da ya sauya harafi ko ɗaya ba. Akwai rigakafinsa, kuma Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. Ciwon hanta nau'in B ma yana da rigakafi. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma ciwon dajin hanta ya ragu ƙwarai a tsakanin yaran da aka haifa bayan nan. Nijeriya ta sa shi cikin rigakafin yara a 2004. A ɓangaren gona, cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wani nau'in funfunar da ba ya fitar da guba, wanda ake watsawa a gona ya mamaye wurin kafin mai gubar ta samu gindin zama.

Saura abin da ke hannun kowane gida. A busar da gyaɗa da masara sosai a kan tabarma ko leda, ba a kan ƙasa ba, a ɗora buhuna a kan katako inda iska ke ratsawa. A tsince waɗanda suka yi funfuna, suka motse ko suka sauya launi a zubar, kada a ce asara ce a mayar da su ƙuli-ƙuli ko kunu, kada kuma a ba dabbobin da ake tatsa, don gubar tana bi ta madara. Baligi ya je a gwada jininsa ya san matsayinsa game da ciwon hanta nau'in B, idan yana da shi ya riƙa zuwa ana duba hantar, akwai magungunan da ke danne bairos ɗin. Mai juna biyu ta nemi a yi mata gwajin a wajen awo. Kuma ko a gida aka haihu, a kai jariri a yi masa allurar farko cikin awa 24, kada a jira sai an yi suna.